Ku daina tozarta yaran aiki a gaban jama'a

'Yan uwana matasa da Allah ya ɗora ku a kan ma'aikata, wannan maganar taku ce. Shekaranjiya da la'asar, a wani gidan mai da ke hanyar Kwangila a Zariya, manaja ya fito daga ofis da takarda a hannu, ya tsaya a kan wani yaro mai sayar da mai, ga layin motoci, ga 'yan acaɓa sun yi cirko-cirko, ya ce masa ɓarawo. Ya maimaita har sau uku, ya haɗa da iyayensa. Yaron yana riƙe da bakin famfo, hannunsa na rawa, abin da yake iya cewa kawai shi ne, "Yallaɓai, don Allah a duba littafi." Wani dattijo a cikin mota ya leƙo ya ce, "Haba ɗana, ba ku da ofis ne?" Manajan ko kallonsa bai yi ba. Duk wannan a kan giɓin naira 9,000 na cinikin ranar da ta gabata.

To, mu yi lissafin da manajan bai tsaya ya yi ba. A ce mitar famfo ta nuna 128,400 da safe, da dare ta nuna 129,650. Lita 1,250 ke nan ta fita. In an sayar da lita a naira 900, kuɗin da ya kamata ya shiga shi ne naira 1,125,000. Giɓin 9,000 daidai yake da lita 10, bai ma kai kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin ba. Duk wanda ya san gidan mai ya san ƙofofin da lita 10 ke bi ta ɓace ba tare da an yi sata ba. An ɗebi man janareta daga famfo ba a rubuta ba. Abokin maigida ya sha mai ya ce a sa a asusunsa. Wani ya nuna taransifar bogi a waya ya ja motarsa kafin kuɗi ya shigo. Ko kuma yaron da ya tsaya tun ƙarfe 6 na safe ya yi kuskuren canji da ƙarfe 8 na dare, lokacin da idonsa ba ya bambanta ɗari biyar da dubu. Ruwa ba ya tsami banza, amma sanin abin da ya tsamar da shi aikin littafi ne. Zagi bai taɓa dawo da lita ɗaya ba.

Masana lafiyar ma'aikata suna lissafa tsawa da wulaƙanci a cikin haɗurran wurin aiki, kamar yadda suke lissafa tartsatsin wuta kusa da tankin mai. Dalilinsu a jiki yake. Idan aka daka wa mutum tsawa, jikinsa yana sakin sinadaran firgici, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, hankali ya tattare a kan neman tsira, lissafi da lura su ragu. In sau ɗaya ne, jiki zai koma daidai. In kullum ne, kuma mutum bai san ranar da za a far masa ba, jikin ba ya sauka. Daga nan barci ya ƙaurace, ciwon kai ya zauna, ciki ya riƙa zafi, mutum ya koma gida ya sauke haushin a kan matarsa da 'ya'yansa. Washegari ya dawo famfo da kai mai nauyi, ya sake yin kuskuren canji, kai kuma ka sake zaginsa, kana ganin laifinsa ne ya ƙaru, alhali kai ne ka ƙara masa.

Tun 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ne ya fi cin mutum ba. Abin da ya fi ci shi ne aiki mai yawa a hannun wanda ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi. Ku dubi yaron famfo. Ba shi ya sa farashi ba, ba shi ya tsara layi ba, ba zai iya hana abokin maigida bashi ba, ba zai iya barin famfo ya je ya yi sallah sai an ba shi izini ba, amma in an sami giɓi shi kaɗai ake nema. Ƙara masa awa 15 a tsaye, kwana shida a mako, awa 90 ke nan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Wannan kayan ne a kansa kafin ka fito da takardarka ka kira shi ɓarawo.

Kuma abin haushi, yawancin masu wannan ɗabi'a jiya-jiya su ma a famfo suke, ko a bayan kanta, ko suna share ofis. Sun san zafin abin. Amma da an ba mutum mukullin ofis da kujera mai juyawa, sai muryarsa ta canza. Wasu har waya suke ɗagawa suna ɗaukar yaron yana kuka don su tura wa abokai, wannan kuwa wata cuta ce daban da ta kama zamanin nan, komai sai an ɗauka, har haɗarin mota ana ɗauka kafin a ciro mutum. Magana zarar bunu ce. Kalmar ɓarawo da ka jefa a gaban 'yan acaɓa ashirin za ta riga yaron isa unguwarsu, ko da gobe ka gano man janareta ne.

Ga wani abin da masu tsawa ba sa hangowa. Direban da ya ga manaja yana zagin yaro ya riga ya karanta cewa yaron nan ba shi da mai tsaya masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da mai ya yi wahala, layi ya kai titi, masu jarka suka cika wurin, yaron ne za a fara kai wa mari. Duka daga abokan ciniki ya fi faruwa a inda ake riƙe tsabar kuɗi, ana hulɗa da mutanen da suka gaji da jira, ma'aikaci kuma yana shi kaɗai da dare. Gidan mai ya haɗa duka ukun.

Gyaran bai kai tsadar da kuke zato ba. A karanta mita a gaban mai miƙa aiki da mai karɓa, su biyun su sa hannu. Duk man da ya fita ba da kuɗi ba, na janareta ne ko na abokin maigida, a rubuta shi nan take da sa hannun wanda ya ba da umarni. Kada yaro ya riƙe kuɗi da yawa a aljihu: duk lokacin da ya tara, a ce, naira 50,000, ya kai wa kashiya a rubuta, wannan yana rage kuskure, yana kuma rage kwaɗayin ɗan fashi. Taransifa kuwa a tabbatar da ita a wayar gidan man, ba a wayar mai mota ba. A raba yini gida biyu, masu safe da masu yamma, kada a bar mutum ɗaya a famfo bayan magariba, a sa fitila mai haske. Ranar layi manaja ne zai fito ya tsara motoci, domin shi ne ke da ikon cewa a'a. In an mari ma'aikaci, a kashe famfon, a janye shi, a rubuta abin da ya faru da lokaci da shaidu, kada a ce masa ya yi haƙuri ya ci gaba da zuba wa wanda ya mare shi mai.

In giɓi ya fito duk da haka, a kira yaro ofis, a rufe ƙofa, a buɗe littafi tare. A kuma ba ma'aikata wata ƙofar kai kuka wadda ba ta bi ta wurin manaja ba, kamar lambar mai gidan man da kansa, domin ba a kai ƙarar kura wurin kura. Mai gidan da ke son sanin halin manajansa ya dubi abu uku: yara nawa suka bar aiki a wata shida, wace rana ce aka fi kiran ba lafiya, kuma idan manaja ya fito hira tana mutuwa ne ko tana ci gaba.

Doka ma ba ta bar abin haka ba. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, sashe na 5, ta hana yanke albashi da sunan tara, kuma cire kuɗin asarar da ma'aikaci ya jawo sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Sashe na 13 ya ba mai aikin awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da yini guda a kowane mako. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa taɓuwar hankali da aiki ya jawo cikin abin da ake biyan diyya a kai. A 2022 kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Amma ku da kanku kun san ba sashe na 5 ne ya kamata ya hana ɗan Zazzau zagin iyayen wani ba.

Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Tun muna makarantar allo muke jin wannan, yanzu kamar ba a taɓa karanta mana ba. A da, a kasuwar Sabon Gari ko rumfunan ɗinki na cikin birni, uba ne ke kawo ɗansa hannun ubangida ya ce ga amana. In yaro ya yi ɓarna, ubangida ba ya cewa komai a gaban masu ciniki, sai an rufe rumfa an yi isha'i ya kira shi zaure. Akushi ɗaya suke ci da rana. In ya shekara bakwai ko takwas a yaye shi da keken ɗinki ko jari, wani har a aura masa 'yar gida. Yanzu manaja bai san unguwar yaronsa ba, bai san mahaifiyarsa na kwance ba, lambar famfonsa kawai ya sani. Yaron Kwangila dai, da manajan ya koma ofis, goge fuskarsa ya yi da hannun riga, ya ce wa dattijon, "Baba, na nawa za a zuba?"