Jarumin labari ba shi ne marubuci ba

"Littafin nan yabon ɓarayin gwamnati yake yi, ka ji yadda ake kiran shugaban ƙaramar hukumar uban marayu."

Kullum sai na ji wannan maganar a majalisarmu ta Unguwar Rimi, kuma abin yana damuna. Gaskiya kalmomin na yabo ne, babu musu. Amma duba mai faɗa da abin da ke gefensa. Maroƙi ne ke kirarin bayan an cika mishi aljihu, a shafin nan kuma marubucin ya nuna mana asibitin da shugaban ya ƙaddamar, ba gado ba magani, awaki na kwance a baranda. Wannan gatse ne, wato yabon da labarin da kansa yake ƙaryatawa. In da marubucin yabo yake nufi da bai kai mu asibitin ba.