Kafin ka taɓa filin Kuje, zauna ka ƙirga watanni

Ra'ayina ne, wanda bai yarda ba sai mu tattauna: wanda aka sallama daga aiki a Abuja, kada ya sayar da ko allura sai ya san wata nawa kuɗin hannunsa za su kai shi. Kuma yawanci a wajen wannan lissafin mutane ke yaudarar kansu.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne a Kubwa, kuɗin sallama da abin da ke banki sun haɗu naira miliyan 3.4. Ya tsuke bakin aljihu, cefane da mai da wuta da magani sun dawo 250,000 a wata. Da ya raba sai ya ga wata 13, hankalinsa ya kwanta. Amma a garin nan haya ta shekara ake biya, dunƙule guda. Ka cire miliyan 1.5 na mai gida, ka cire kuɗin makarantar yara zango uku, a ce 300,000 kowane zango. Saura miliyan ɗaya. Wata huɗu ke nan, ba 13 ba. Ga shi inshorar lafiyar da wurin aiki ke biya ita ma yawanci tare da aikin take tafiya.

Ni dai wata 12 nake cewa a auna, domin ko an kira ka ganawa, tsakanin "za mu neme ka" da albashin farko tafiya ce mai nisa. A misalinmu shekara za ta ci miliyan 5.4, giɓin miliyan 2 ne. To wannan giɓin kaɗai za a cike, ba a ce a rushe duk abin da aka tara ba.

Me za a fara sayarwa? Abin da ke cin kuɗi yana zaune. Mota ta biyu ita ce kan gaba: tana shan mai, tana neman makaniki da sabunta takardu, darajarta kuma ba lallai ta riƙe ba. Ranar da ta fita ka samu kuɗi, ka kuma rage kashewar wata. Idan akwai bashi mai ruwa a kanka, musamman na manhajojin waya, da kuɗinta za ka fara kashe shi.

Bayan ta sai hannun jari na kasuwar NGX, amma a yanka kaɗan-kaɗan. Sayar da shi ba wuya, dillalinka zai sa a kasuwa, cikin 'yan kwanaki kuɗi su shigo. Wannan sauƙin ne ke sa mutum ya zubar da shi duka a satin farko don firgita. Ka fara da kamfanin da ba ya raba riba, wanda kai ma ba za ka sake saye yau ba, ko da a ƙasa da yadda ka saya ne. Farashin da ka saya bai shafi kasuwa ba.

Takardun bashin gwamnati na kwana 91 ko 182 ko 364, ka duba ranar cikarsu tukuna. In za su cika kafin haya ta zo, bar su su cika, sai dai ka gaya wa banki kada ya sake juya su. Ajiyar wa'adi ma haka, fasa ta kafin lokaci na cinye wani ɓangare na ribar. Sukuk kuwa, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, duk wata shida yana kawo ɗan abu, ni ba zan yi gaggawar rabuwa da shi ba.

Fili shi ne wurin da na saɓa da mutane da yawa. Suna cewa a bar shi sai ƙarshe. Sayarwar ce ta ƙarshe, amma shirin tun watan farko ne. Fili a Kuje ko Gwagwalada na iya shafe watanni bai samu mai saye ba, kuma mai hankali zai je AGIS, ofishin bayanan filayen Abuja, ya bincika takarda kafin ya biya. Ka haɗa takardunka, ka ji farashi daga dillalai fiye da ɗaya tun kana da numfashi. Dillalin da ya ji hayarka saura sati biyu, shi zai yanka maka farashi.

Zinariyar uwargida fa tata ce. In ta bayar don kanta, a rubuta a matsayin rance.

Sai fansho. Dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu aiki ba. Wato ba kuɗin cefanen watan farko ba ne, ga kuma lokacin bin takardu. Ka adana takardar sallamarka, ka nemi bayanin asusu daga kamfanin fanshonka tun yanzu, ka ga ko wurin aikin ya zuba na watannin ƙarshe. Idan akwai watan da bai shiga ba, gara ka bi shi tun waɗanda suka san ka suna ofis ɗin.