Kuɗin Ariya Ba Gibin Wata Guda Sau Watanni Ba Ne Kullum

"An ƙara min dubu 10, wata shida ba a biya ba, ai dubu 60 nake bi, ko?" Haka wani malamin firamare ya tambaye ni a Gusau, kuma ina yawan jin wannan lissafi har ya fara damuna.

Malam, lissafinka daidai ne idan matsayinka bai motsa ba a watannin nan. Amma ariya wata-wata ake lissafa ta: a ɗauki abin da ya kamata a biya ka a sabon tsari a wannan watan, a cire abin da ka karɓa, sannan a tara.

A ce ƙarin ya fara aiki daga Janairu, kana karɓar dubu 70 maimakon dubu 80. A Afrilu sai ka hau mataki na gaba, inda sabon tsari ya ba ka dubu 84, amma aka biya ka dubu 72. Gibin Janairu zuwa Maris dubu 30 ne, na Afrilu zuwa Yuni dubu 36. Jimla dubu 66 ke nan.

Sai dai ba duka za su shigo asusunka ba, domin za a cire haraji, da fansho idan ana cire maka. Ka duba ranar da takardar ƙarin ta ce ya fara aiki, daga nan ake ƙirge, ba daga ranar sanarwa ba.