Malaman Hausa, a shiga aji da Gizo kafin a ɗauki alli

Duk wanda ya taɓa duba insha'in ƴan JS 2 ya san ciwon nan, labari ne daga sama har ƙasa sai ya tafi, sai ya gani, sai ya dawo, ba abin da ya jawo wani. Kuma yaran nan sun haddace ma'anar zubi da tsari tsaf, an rubuta musu a allo sun kwafa. Ni a ganina nan kuskuren yake, an ba su suna kafin su ga abin.

Wata malama na gani a wata makaranta wajen Mabera ta bi ta wata hanya. Tana shiga ta ce ga ta nan ga ta nanku, aji duka ya amsa ta zo mu ji ta. Ta kawo ta Gizo da hankaki: ana yunwa, Gizo ya ga hankaki na samo ɓaure a tsakiyar gulbi, ya roƙe su kowa ya ara mishi gashi ɗaya, da aka isa duk ɓauren da suka nufa sai ya ce shi ya riga gani, suka fusata kowa ya zare gashinshi suka bar shi saman icce. Minti biyar ta gama.

Sannan ta rubuta faruwa biyar ɗin a ƴan takardu, ta cakuɗa, ta ce a jera. Da suka jera sai ta zare ta yunwa ta ce to labarin ya tsaya? Wata yarinya ta ce a'a malama, in ba yunwa mi za ya kai Gizo roƙo? Aka zare ta rowar ɓaure, nan ma ya rushe, don babu dalilin ƙwace gashi. Wallahi wannan zarewar ita ce darasin, yaro ya gani da idonshi kowace gaɓa ita ta haifi ta gabanta, sai a lokacin ta kira musu farko, rikici, ƙololuwa da warwara.

Karin magana kuma ta ajiye shi sai ƙarshe, kuma na goyi bayanta. In ka fara da kwaɗayi mabuɗin wahala ka riga ka faɗa musu yadda za ta ƙare, ga shi jigo yake nunawa ba tsari ba, yara na yawan haɗa biyun. Ita aikin gida ta yi da shi: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mishi aski, a rubuto wa ya karɓi ladan, don mi, ina askin ya same shi.

Akwai iyaka fa. Gizo ba ya sauya hali, gobe ma kwaɗayin ne, don haka tatsuniya ba za ta koya musu tauraron da ke canzawa ba, wannan sai an kai ga ƙagaggen labari. Kuma malamin da ke duba aikin gidan ya riƙa ƙirga kalmomin "saboda" da "don haka" nawa suka shigo inda a da "sai" kaɗai ake gani.