Zazzaɓin da ya biyo bayan sabon magani, a daina ce masa maleriya kai tsaye

Jama'a, akwai tambaya ɗaya da nake ganin ya kamata ta zama dole a bakin duk mai kemis da duk ma'aikacin asibiti a garin nan na Jos: "Akwai maganin da ka fara sha cikin wata biyun nan?" Rashin yin ta na cikin abin da ke sa wasu mutane kwanciya asibiti fatarsu na saluɓewa kamar waɗanda ruwan zafi ya ƙona, alhali ko kusa da wuta ba su je ba.

Likitoci na kiran ciwon da sunan Stevens da Johnson, likitocin yara biyu a Amurka da suka bayyana shi a 1922. Garkuwar jiki ce ke yi wa magani mummunar fahimta, sai ta far wa fatar mai ita, ta kashe saman fata da laushin cikin baki, ido da al'aura. Ba guba aka sha ba, ba kuma lallai maganin jabu ne ba. Magani mai kyau, a kan ƙa'ida, wanda dubban mutane suka sha lafiya, shi ne zai kayar da mutum ɗaya. Ciwon ba shi da yawa, amma idan ya zo ba ya wasa.

Inda ake rasa mutane shi ne lokaci. Mun saba cewa idan magani bai karɓi mutum ba, nan take zai fara ƙaiƙayi ko kumburi. Wannan kuwa yakan ɗauki kwana 4 zuwa 28 bayan fara shan maganin, wani lokaci har mako takwas. Kafin nan mutum ya saki jiki da ƙwayar, ba ta cikin waɗanda zai zarga.

Mu ɗauki misali. A ce wata uwa a Unguwar Rogo tana fama da ciwon jijiya a fuska, aka rubuta mata kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegiretol. Ta sha kwana goma sha biyu, ciwon ya lafa, tana ta sa wa likita albarka. Rana ta goma sha uku sai zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ido na yaji kamar an zuba yashi. Ɗanta ya ruga kemis, aka ce maleriya ce da mura, sanyin Jos ne, aka haɗo farasitamol da maganin maleriya. Tegiretol kuwa ana ci gaba da sha safe da yamma, tunda "ai shi likita ne ya rubuta". Bayan kwana biyu jajayen tabo masu duhu a tsakiya suka feso a fuska da ƙirji. Maƙwabta suka leƙo, wannan ta ce ƙyanda ce, waccan ta ce ƙarambau, aka kawo shawarar a shafa kaza a sha kaza. Wayewar gari leɓɓa sun fashe, jini ya bushe a kansu baƙi ƙirin, yawu na zuba saboda haɗiya ta gagara, idanu sun manne da kwantsa. Da aka zo ɗaga ta, fatar bayanta ta biyo zanin gado.

A asibiti aka tambayi wane magani ta sha, sai ɗan ya ce farasitamol da maganin maleriya, domin su ne na ƙarshe. To, ba su ba ne. An ba ta su ne saboda zazzaɓi, zazzaɓin kuwa shi ne farkon ciwon, wato ciwon ya riga su shiga jiki. Mai laifin yana can baya, mako biyu da suka wuce. Idan aka ɗora wa farasitamol laifi, an yi asara biyu: ba a tsayar da ainihin maganin ba, kuma wata rana za a sake ba ta shi.

Abin da ke raba wannan da ƙaiƙayin magani na yau da kullum a bayyane yake ga wanda ya sani. Ƙurajen banza ƙaiƙayi suke yi, wannan kuwa fatar ciwo take yi, tana zugi ko da riga ce ta taɓa ta. Sannan yana kama baki, ido ko wurin fitsari, sau da yawa biyu a lokaci guda. Zazzaɓi da gyambon baki da jan ido ga wanda bai daɗe da fara sabon magani ba, wannan ya isa. Kada a jira sai fata ta fara ɗayewa.

Magungunan da suka fi jawo shi ba baƙi ba ne a gidajenmu. Akwai 'yan gidan salfa, wato Saftirin da Fansida. Akwai na farfaɗiya: kabamazafin, fenitoyin, fenobabiton da lamotirijin. Akwai alofurinol na ciwon gaɓoɓin da gishirin yurik ke kawowa, da nebirafin na masu cutar ƙanjamau, da Feldin, wanda masu aikin ƙarfi ke saye a teburin mai talla kamar alewa. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau sun fi kowa haɗarin kamuwa, nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, yanzu kana koya wa mutane su riƙa ajiye maganin likita? Ga matsayina. Idan waɗancan alamomin suka haɗu, kada a ƙara haɗiyar ƙwaya ta gaba, a tafi babban asibiti a ranar, ba gobe ba, da ledar magungunan gaba ɗaya har da kwalayen da suka ƙare. Sharaɗin shi ne tafiyar. Mai farfaɗiya da ya ajiye magani ya zauna a gida na iya faɗuwa da mummunar jijjiga, don haka dole likita ya canja masa wani daga wani gida daban. Tsayar da maganin da wuri na cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage mutuwa.

A asibiti ana auna yawan fatar da ta ɗaye, tafin hannun majinyaci da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Ƙasa da kashi 10 shi ne mai sunan Stevens da Johnson, sama da kashi 30 shi ne mafi muni, wanda kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya tashi. Jinyar irin ta ƙuna ce: ƙarin ruwa, ɗaki mai ɗumi (fata ce ke riƙe zafin jiki, ga kuma hunturunmu), maganin zafi, abinci ta bututu idan baki ya gagara, da kare gyambon daga ƙwayoyin cuta, domin su ne suka fi kisa. Shi ya sa shafa toka, man ja ko garin magani a kai ba taimako ba ne. Ciwon ba ya yaɗuwa, masu jinya su wanke hannu don kare majinyaci, ba don tsoron ɗauka ba. Kuma 'yan uwa su nace likitan ido ya duba tun kwanakin farko. Fata kan sake tsirowa cikin mako biyu zuwa uku, amma idon da ya yi tabo na iya zama bushewa ko makanta har abada.

Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa a rubuta masa sunan maganin a kati ya riƙa yawo da shi, asibiti kuma ta kai rahoto ga hukumar NAFDAC. A rubuta har da dangin maganin. Wanda kabamazafin ya kayar, a nisanta shi da fenitoyin da fenobabiton. Wadda Saftirin ta yi wa haka, Fansida ma haramiyarta ce, kuma Fansida ce ake raba wa masu juna biyu a wurin awo don rigakafin maleriya, don haka ta nuna katin tun ranar da ta fara zuwa awo.