Ranar da na kwaso tarihina da hannuna na kai gaban Hajiya

Ni dai lambobin mutane nake so, wallahi ba wani abu ba. Maƙwabcina a Babbar Kasuwar Maradi, mai sayar da takalma, an zare masa salula a kan kabu-kabu, ya kuma manta kalmar sirrin asusunsa na Google. Lambobin shekara tara suka tafi, har da na waɗanda yake bi bashi a Jibiya da Katsina. Da na ga yadda bawan Allah ya rame cikin sati guda, sai na ce gemun ɗan'uwana ya kama da wuta, bari in shafa wa nawa ruwa.

Na kira ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wanda a gida muke ce wa Injiniya tun ranar da ya gyara fanka. Ya ce, "Kawu, abu ne mai sauƙi. Ka buɗe takeout.google.com, ka shiga da asusunka, za su ba ka kwafin duk abin da suka ajiye maka. Amma ka dakata in zo ran Juma'a mu yi tare."

In dakata? Ni da nake lissafin bandir ɗari na atamfa da ka? Na ce masa to, na kashe waya, na buɗe shafin nan take.

Abin da na tarar jeri ne dogo, ka yi ta ja da yatsa kamar ba zai ƙare ba: Gmail, Drive, Contacts, Google Photos, YouTube, Chrome, da wasu da yawa da ban taɓa sanin ina da su ba. Kusan kowanne da 'yar alama a gefensa, wato an riga an zaɓa maka shi. Can sama akwai wani rubutu, Tout désélectionner, wanda masu waya da turanci suke gani a matsayin Deselect all. Shi ne ke cire alamomin gaba ɗaya don mutum ya zaɓi abin da yake buƙata kawai. Na gan shi sarai. Amma zuciyar ɗan kasuwa ta ce mini, kaya naka ne, kyauta za a ba ka, don me za ka rage? Na bar komai yadda yake, na danna Étape suivante.

Shafi na biyu tambayoyi ya yi mini. Ina za a kai kayan: a turo maka hanyar saukewa ta imel, ko a zuba a Drive, ko wasu ma'ajiyoyi irin su Dropbox? Sau ɗaya kake so, ko duk bayan wata biyu har shekara? Wane irin ƙunshi, .zip ko .tgz? Sannan girman kowane ƙunshi, daga giga 1 har giga 50. Na bar shi a kan imel, sau ɗaya, .zip, giga 2, ba don na fahimta ba, sai don haka na tarar. Na danna maɓallin ƙarshe, aka ce in jira, abin yana iya ɗaukar awowi ko ma kwanaki. Na ce ai ko kayan Kwatano ma ana jiransu.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo. Kayana sun kai giga 13, an raba su ƙunshi bakwai. A nan na fara gane ma'anar giga 2 ɗin nan: buhu ne, in kaya sun fi ƙarfinsa sai a ƙaro wani buhun.

Na sayi forfe, na danna na farko. Aka sake tambayata kalmar sirri, na saka, na ji daɗi ma da ba kowa ake miƙa wa ba. Ya fara sauka, ya kai rabi, rezo ya ɗauke. Na sake. Ya kusa ƙarewa, forfe ya ƙare. Na aiki yaron shago da jika biyu, na sake. Wannan karon wayar ce da kanta ta ce cikinta ya cika, don abin da ya rage mata bai kai giga 2 ba, balle 13. Na goge wasu hotunan atamfa, na sake, sai caji ya mutu, ga ba kuran. Na biyar ban ma san abin da ya same shi ba, wata hajiya ce ta tsaya taya leshi na manta da shi. Da na zo dannawa na shida, aka ce ƙofa ta rufe. Ashe sau biyar kacal ake yarda a sauke ƙunshi, kuma hanyar saukewar kanta ba ta wuce kamar sati ɗaya, sai a sake nema daga farko. An rubuta hakan, ni ne dai karatuna ya tsaya a kan kalmar kyauta.

Ran Juma'a Injiniya ya zo da ordinatarsa a jaka. Na ba shi labari ina ragewa. Ya duba wayar, ya dube ni, ya ce, "Kawu, lambobin da kake nema ba su kai nauyin hoto biyu ba. Ka je awon tiya ɗaya ka ɗauko tirela."

Ya cire alamomin duka, ya zaɓi Contacts kaɗai, kafin shayi ya nuna saƙo ya zo. Ƙunshin ɗan mitsitsi, a ciki akwai fayil mai ƙarewa da .vcf. Ya ce wannan, duk sabuwar wayar da ka saka shi ka buɗe, lambobin za su shiga su zauna, ko da asusun ya salwanta. Shi ke nan fa, buƙata ta biya. Da ina da wayo da a nan na sallame shi da kuɗin kabu-kabu.

Amma sai na ce, tun da na yi asarar kuɗin forfe, sai na ga sauran kayan. Muka sake nema, ya tafi da wayata inda ake da wifi mai ƙarfi, ya sauke duk bakwai ɗin a ordinatar, ya juye a kile. Bayan kwana biyu ya dawo da magariba, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hajiya ta kawo kwanon kopto ta ajiye, ta zauna a gefe tana gyaran zogalen gobe. Ban kore ta ba. Me zan ɓoye?

Ya warware ƙunshin bakwai wuri guda, suka haɗu cikin jaka ɗaya mai suna Takeout, kowane sashe da tasa jakar a ciki. Akwai kuma wani shafi, archive_browser.html, wanda yake kamar takardar rakiyar kaya, yana faɗa maka abin da ke cikin lodin. Wasiƙuna na Gmail duk an dunƙule su a fayil mai ƙarewa da .mbox. Na ce ya buɗe, ya ce ba a buɗe shi haka kawai, sai an shigar da shi manhajar wasiƙu irin Thunderbird. Muka bar shi, don ni wasiƙuna ba su wuce na talla ba.

Hotuna ne suka cinye giga mafi yawa, kuma a nan na ci riba. Kusa da hotunan akwai wasu 'yan fayiloli masu ƙarewa da .json. Na ce ya goge wannan tarkacen, ya ce a'a, su ne shaidar hoton. Akwai wani mutumin Tibiri da muka daɗe muna jayayya a kan turmi goma sha biyu. Shi ya ce kafin azumi ya ɗauka kuma ya biya a lissafin da muka rufe, ni na ce bayan salla ne. Na tuna na ɗauki hoton kayan a kan babur ɗinsa. Injiniya ya nemo hoton, ya buɗe ɗan fayil ɗinsa, ya nuna mini inda aka rubuta photoTakenTime, ga rana, ga wata, ga awa. Ya ce in ƙara awa ɗaya, don agogon UTC ne, mu a Nijar muna gabansa da awa guda. Kwana huɗu bayan salla. Na buga cinya na ce Allah ya yi maka albarka, yaro.

Akwai abin da na nema ban samu ba. Hirarrakina na WhatsApp ba su ciki, wannan gida daban ne. Lambobin da na ajiye a kan katin SIM maimakon asusu, su ma babu. Hotunan sunan autana babu, don a lokacin ban kunna ajiyar hotuna ba, suna cikin tsohuwar wayar da ta faɗa randa. Abin da bai taɓa hawa asusun ba, ba za a ba ka shi ba. Na kuma tambaye shi ko yanzu da na kwaso kayana wurinsu ya zama wayam, ya ce ina, kwafi ne kawai, na asali yana nan daram. Mai son gogewa sai ya je ya goge daban.

Daga nan ne yaron ya buɗe wata jaka, ta tarihin abubuwan da na yi. Ban san akwai ta ba. Shafi ne dogo, duk abin da na taɓa rubutawa ina nema yana jere, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Shi kuma Injiniya, da yake an koya musu karatu da ƙarfi a makaranta, sai ya fara.

"Maganin sanƙo. Maganin sanƙo na gargajiya. Maganin sanƙo da albasa. Shin sanƙo yana warkewa."

Hajiya ta daina tsinkar zogale. Ni da nake faɗa wa kowa cewa sanƙo alamar arziki ce, kuma ko a jikina.

Na ce, "Wuce gaba."

Ya wuce, ya faɗa tarihin YouTube. Kokawar gargajiya ce, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarfe ɗaya na dare har uku saura. Hajiya ta ce, "Injiniya, karanta mini ranar." Ya karanta. Ta ce, "Malam, ba daren nan ne ka ce kada a dame ka, kana ɗakin waje kana lissafin shago ba?" Na ce ai ana lissafi ana hutawa. Ta ce lallai, hutun ya kai gasar takobi uku.

Na miƙa hannu zan rufe ordinatar, amma idon yaron ya riga hannuna. "Nawa ne kuɗin akwatin lefe a…"

Ya yi shiru da kansa. Ko kajin gidan sai da suka yi shiru. Na rantse, kuma har gobe ina rantsuwa, ƙanen abokina ne zai yi aure aka ce in binciko. Hajiya ta ce ta yarda. Ta faɗe shi da irin muryar da take faɗa wa mai nono ta yarda ba a ƙara ruwa ba.

Da muka fita rakiya, Injiniya ya danƙa mini kilen, ya ce, "Kawu, ka adana. Ƙunshin nan ba shi da kalmar sirri. Asusunka yana da makulli, wannan kuwa duk wanda ya tsinta ya soka a ordinatar ya karance ka tas." Na ce sai yanzu kake faɗa mini? Ya ce ai shi ya sa ya ce in dakata ran Juma'a.

Mutumin Tibiri ya biya, bayan na tura masa hoton da ranarsa. Kilen yana cikin aljihun wata tsohuwar babbar riga a ƙasan akwati, lambobin kuma na ba yaron shago kwafi ya ajiye. Da safen nan na fito wanka, na tarar da ɗan kwano a bakin ƙofa, an kirɓa albasa an kwaɓa da man shanu. Hajiya tana shara, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Na kanka ne, Malam. Na ƙanen abokinka kuma sai ka faɗa mini launin akwatin da yake so."