Kibiyar da ke tsakanin rabon kaya da zaman yarinya a aji

Duk wanda ya taɓa rubuta takardar neman tallafi don shirin karatun 'yan mata ya san jadawalin nan da ma'aikatan ƙungiyoyi ke kira lojik model. Gidaje ne a jere, da kibiya a tsakanin kowane biyu: abin da aka zuba, aikin da aka yi da shi, abin da aikin ya samar nan take, sai canjin da ake son gani a rayuwar yarinya. Abin da ke damuna shi ne muna cika gidajen tsaf, mu bar kibiyoyin ba wanda ya tambaye su komai. Alhali kowace kibiya da'awa ce, cewa take yi "idan wannan ya faru, wancan zai biyo baya". A nan shiri ke tsayawa ko ya faɗi.

Bari mu ɗauki misali, lissafin nawa ne don a gane. A ce akwai 'yan mata 200 a ajin ƙarshe na firamare, ana so su wuce ƙaramar sakandare su kuma zauna. Abin da aka zuba: kuɗi, mata huɗu masu bibiya, da rajistar aji. Aikin: biyan kuɗin makaranta, ba da kayan makaranta, da zuwa gidan duk yarinyar da ta yi fashin kwana uku a jere. Abin da aka samar: an biya wa 200, an raba kaya 200, an kai ziyara kaza. Rahotanni da yawa a nan suke tsayawa, a ɗauki hoto a ce an yi nasara. Amma wannan ƙidayar aikinmu ce kawai. Ba ta ce ko yarinya ɗaya tana zaune a aji ba.

Gidan canji sai an ba shi adadi da lokaci da mafari. Idan bara, ba tare da shiri ba, 120 cikin 200 suka wuce sakandare, bana kuma 160 suka wuce, to abin da shirin zai iya ɗauka a matsayin nasa bai wuce 40 ba. Ko 40 ɗin ma sai an duba makarantun da shirin bai shiga ba. In su ma sun ƙaru saboda an buɗe sabuwar sakandare kusa, to wani ɓangare na ƙarin ba namu ba ne.

Yanzu ga kibiyar. Tsakanin "an biya kuɗi" da "ta zauna a aji" akwai zato: kuɗi ne ke fitar da ita. In gaskiya ne, madalla. In kuwa nisan hanya ne, ko an tsayar da ranar aure, ko ta kai aji shida ba ta iya karanta layi ɗaya ba har ta gaji da jin kunya a gaban 'yan aji, to za a biya kuɗin tas kujerar kuma ta zauna wayam. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a rubuta zaton a ƙarƙashin kibiyar, a kuma gwada shi kafin a kashe ko kwabo: a nemo yaran da suka daina zuwa bara, a zauna da su da iyayensu, a ji dalili daga bakinsu.

Zato yana iya zama mai daɗin ji kuma ya ƙi tabbata. A ƙasar Nepal, masu bincike biyu, Emily Oster da Rebecca Thornton, sun bibiyi ɗalibai mata, suka wallafa a 2011 cewa al'adar wata-wata tana sa yarinya fashin kusan kwana 0.4 ne kacal cikin kwana 180 na shekarar karatu, kuma raba musu kofin al'ada, wato ɗan kofin roba da mace ke sakawa don tare jinin, bai ƙara halartar aji ba. Kayan suna da amfani ga tsafta da mutuncin yarinya, ban musa ba. Amma a wannan wurin kibiyar da ta tashi daga kayan zuwa halartar aji ba ta riƙe ba.

Sai batun awo, wanda ya fi ci mini rai. Da zarar an ɗaura tallafi a kan rajista, rajistar kan fara yin kyau fiye da ajin, domin malami ba ya son ya zama sanadin yanke wa gida kuɗi. Maganin shi ne ziyarar ba-zata sau biyu ko uku a zango, a kira suna, a ƙirga kai. In rajista ta ce 45 cikin 50 sun zo, kai kuma ka ƙirga 31 a kan benci, to 31 za ka rubuta a gidan canji, sannan ka karɓi sunayen 14 ɗin nan ka ba mai bibiya ta je gidajensu a makon.